Kundin aiki: wasiƙar neman izinin ɗaukar gajeren fim a shagon gyaran keken ɗinki

Litinin, 3 ga Maris

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda batun izinin wurin ɗauka yake tafiya, tun da shi ne abin da ya rage mana kafin mu fita da kyamara. Fim ɗin da muke shiryawa gajere ne, tsawonsa ba zai wuce minti 12 ba, kuma na gaskiya ne, babu wasan kwaikwayo a cikinsa. Zai nuna wani dattijo mai gyaran keken ɗinki da yara uku da suke koyon aiki a hannunsa. Mu huɗu ne a aikin: ni mai shiryawa, da mai ɗaukar hoto, da mai ɗaukar sauti, da mataimakiya mai kula da takardu.

Na je wurin dattijon sau biyu mun yi hira, kuma a duka biyun amsarsa ɗaya ce: "Ba komai, ku zo duk ranar da kuka shirya." Na ji daɗin wannan amsa, amma ba zan ɗora aikin mutum huɗu a kanta ba, domin abin da ya amince da shi shi ne abin da yake hasashe a ransa, ni kuwa ban taɓa zayyana masa yadda ranar ɗauka take kasancewa ba. Saboda haka yau na rubuta daftarin farko na wasiƙar neman izini, na tura wa abokan aikina su duba.

Laraba, 5 ga Maris

Daftarin ya dawo cike da gyara, kuma gyaran yana kan hanya. Jimlar da na ɗora roƙon a kanta ita ce: "Muna neman izininka mu zo mu ɗauki wasu hotuna a shagonka domin wani ɗan gajeren fim." Mai ɗaukar hoto ya ja layi a ƙarƙashin kalmar "gajere", ya ce duk wanda bai taɓa ganin ana ɗaukar fim ba, idan ya ji minti 12, zai ɗauka cewa cikin rabin awa mun gama mun tafi. Mun zauna mun yi lissafi a takarda. Shigar da kaya, da kafa fitilu biyu, da gwada sauti za su ci kusan awa guda kafin a ɗauki ko daƙiƙa ɗaya. Hirar dattijon za ta kai minti 40, ko da yake abin da zai shiga fim daga cikinta ba zai wuce minti 5 ba. Muna kuma son mu bi gyaran keke guda tun daga kwance shi har zuwa gwajin ɗinki a kan ƙyalle, kuma wannan aiki ne da yake tafiya da lokacinsa, ba a gaggauta shi domin kyamara. Jimilla mun samu kwana biyu, awa shida a rana ta farko da awa huɗu a ta biyu.

Ke nan da na miƙa wasiƙar a yadda take, da mun karɓi izinin rabin awa mun cinye awa goma na mutumin da shagon nan shi ne hanyar abincinsa. Irin wannan ne yake sa mai wuri ya sauya fuska a tsakiyar aiki, masu fim kuma su koma suna cewa ya saɓa alkawari, alhali abin da aka yi masa daban yake da abin da aka roƙe shi.

Gyara na biyu daga mataimakiya ya fito. Ta tambaye ni wa wasiƙar take nufa, domin na haɗa roƙon shiga shago da roƙon ɗaukar layin da shagon yake a takarda guda. Dattijon yana da iko da cikin shagonsa, amma ba shi da iko da hanyar da jama'a suke bi, kuma muna son hoton safiya na yadda ake buɗe shaguna a layin. Mun tsayar da shawara a kan wasiƙa biyu, ɗaya ga mai shago, ɗaya ga mai unguwa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na koma shagon ba tare da kyamara ba, na zauna awa biyu ina kallon wurin da idon mai neman abin da ya kamata wasiƙa ta ambata. Rediyo yana kunne tun daga buɗewa har rufewa. Dole a kashe shi lokacin ɗauka, saboda dalilai biyu: waƙoƙin da suke fitowa daga cikinsa suna da masu haƙƙin mallaka, sannan idan aka zo tacewa aka yanke magana daga nan aka haɗa da ta can, waƙar da take baya za ta riƙa tsalle, kowa ya ji inda aka yanke. Akwai kuma littafin da yake rubuta sunayen masu kawo gyara da lambobin wayarsu, a buɗe a kan tebur, da 'yan takardun da ake ɗaura wa kowane keke da sunan mai shi. Waɗannan ba su kamata su fito a fim ba. Soket ɗaya ne kawai a shagon, kuma injin wasa ƙarfe ne yake amfani da shi, don haka za mu zo da fitilu masu batir, mu rubuta hakan a wasiƙa domin kada ya yi tunanin kuɗin wuta.

A cikin hira na gano cewa haya yake yi. Ginin na wani ne, kuma mai ginin yana zaune a bayan shagunan.

Asabar, 8 ga Maris

Na kammala wasiƙar mai shago. Shafi ɗaya ce da rabi, a ƙarshenta akwai wurin sa hannu. A sama ta hannun dama na sa adireshinmu da kwanan wata, a ƙasa ta hagu sunansa da na shagon, sannan gaisuwa da kan magana. Ga gangar jikinta kamar yadda za a miƙa, na cire sunaye da lambobi:

"Baba, bayan gaisuwa da fatan alheri, muna rubuto maka ne domin mu nemi izininka a rubuce a kan maganar da muka fara da baki. Muna shirya fim na gaskiya mai tsawon kusan minti 12 a kan sana'ar gyaran keken ɗinki da yadda ake koyar da ita, kuma muna fatan ka yarda mu ɗauke shi a shagonka.

"Ko da yake fim ɗin gajere ne, ɗaukarsa za ta ci kwana biyu: Talata, 8 ga Afrilu, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana, da Laraba, 9 ga Afrilu, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 12 na rana. Mu huɗu ne za mu zo, da kyamara ɗaya da ƙafarta, da fitilu biyu masu batir, da makirufo biyu, ɗaya ƙarami ne da za a maƙala a rigarka. Ba za mu yi amfani da wutar shagon ba. Ba za a rufe shago ba, sai dai muna roƙon a kashe rediyo yayin ɗauka, kuma a ba mu minti 40 a rana ta farko da za a dakatar da aiki domin hira da kai, a lokacin da ka ga ya fi sauƙi.

"Za mu ɗauki hannuwanka da fuskarka kana aiki, da kayan aiki, da cikin shagon da ƙofarsa. Ba za mu ɗauki littafin masu kawo gyara ko sunayen da suke jikin kekuna ba, kuma ba za mu ɗauki wani mai kawo gyara ba sai mun tambaye shi ya amince. Duk abin da muka matsar za mu mayar da shi inda yake, idan kuma wani abu ya lalace ta dalilinmu, gyaransa ko biyansa yana wuyanmu.

"Za a nuna fim ɗin a tarukan nuna finafinai da makarantu, daga baya kuma a sa shi a intanet inda kowa zai iya gani a ko'ina. Ba talla ba ne, kuma ba za mu sayar da hotunan domin talla ba. Babu kuɗin haya da za mu iya biya na wurin, amma za mu ba ka kwafin fim ɗin, mu kuma sa sunanka da na shagon a ƙarshensa idan kana so. Idan ba ka amince ba, ko kana son a sauya wani abu, babu komai a tsakaninmu sai alheri."

Na daɗe a kan sakin layin kuɗi. Akwai nauyin baki wajen rubuta wa babban mutum cewa ba za a biya shi ba, amma shiru a kan kuɗi shi ne yake haifar da zato, kuma gara ya sani yanzu yana da damar cewa a'a, da ya sani bayan mun naɗe kayanmu. Haka ma ambaton intanet. Abin da aka sa a can ba a iya janye shi gaba ɗaya, domin wasu suna saukewa su ajiye su kuma yaɗa, saboda haka na rubuta shi ɓaro-ɓaro maimakon in ɓoye shi a cikin kalmar "sauran wurare".

Talata, 11 ga Maris

Ni da mataimakiya muka kai wasiƙar hannu da hannu, kwafi biyu. Na nemi izini na karanta masa ita da babbar murya daga farko har ƙarshe, ina tsayawa a ƙarshen kowane sakin layi. Da na kai wajen kwana biyu sai ya ajiye abin da yake hannunsa ya ce: "Ashe haka abin yake? Ni na ɗauka kafin azahar kun tafi." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce safiyar Talata ita ce lokacin da teloli suka fi kawo masa kekuna, don haka a mayar da hirar zuwa bayan ƙarfe 12. Na gyara da biro a kwafin biyu nan take, muka sa hannu a gefen gyaran.

Sai ya yi tambayar da ban tanadi amsarta a wasiƙa ba: "Idan kun gama, zan gani kafin duniya ta gani?" Na ce masa zai gani, amma ina so in koma in rubuta yadda hakan zai kasance, domin kada in yi alkawarin baki da zai fi ƙarfina. Ban nemi ya sa hannu yau ba. Na bar masa kwafi ɗaya domin ya nuna wa babban ɗansa, muka rabu a kan zan dawo ranar Litinin.

Laraba, 12 ga Maris

Mun yi doguwar muhawara a kan tambayar jiya. Mai ɗaukar hoto yana ganin kada a rubuta komai, domin idan aka ce mai wuri zai duba fim kafin a fitar, an miƙa masa almakashi ke nan, yana iya cewa a cire duk inda bai ga ya yi kyau ba, har fim ɗin ya koma tallar shago. Damuwarsa gaskiya ce, na kuma san ayyukan da suka tsaya cak saboda an rubuta "sai da amincewar mai wuri" ba tare da iyaka ba. Amma ni ina ganin mutumin da ya buɗe mana shagonsa da fuskarsa kyauta yana da haƙƙin kada ya fara ganin kansa a wayar maƙwabcinsa. Abin da ake buƙata shi ne a bambanta kallo da yanke hukunci, a kuma faɗi irin abin da za a gyara da wa'adin da za a faɗe shi. Ga abin da muka tsayar:

"Kafin a nuna wa kowa fim ɗin, za mu kawo maka shi ka kalla. Idan akwai kuskure a bayanin sana'a ko suna, ko wani abu da zai tona sirrin iyalinka ko na masu kawo maka gyara, ko ya jawo maka cutarwa, za mu gyara ko mu cire shi. Tsarin fim ɗin da zaɓin hotuna kuwa yana hannunmu. Kana da kwana 7 daga ranar da ka kalla domin ka faɗi abin da ka gani, kuma a cikin waɗannan kwanaki kana iya janye amincewarka gaba ɗaya."

Jimlar ƙarshe tana da haɗari a gare mu, domin tana nufin aikin makonni yana iya tashi a banza. Mun yarda da ita ne saboda tana da wa'adi, kuma saboda fim ɗin a kan rayuwarsa yake. Da a ce shagon bango ne kawai da za a ɗauki wani a gabansa, da ban sa ta ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na rubuta wasiƙar mai unguwa, kuma ta fi ta farko gajarta, shafi ɗaya cif. Na buɗe ta da "Ranka ya daɗe", na gabatar da mu da sunayenmu huɗu, na faɗi abin da fim ɗin ya ƙunsa a jimla biyu, sannan na shiga roƙon: muna neman izini mu tsaya da kyamara a layin da shagon yake, daga kwanar layin zuwa ƙofar shagon, ranar Laraba, 9 ga Afrilu, daga ƙarfe 7 zuwa 8 na safe, ba tare da tare hanya ko hana kowa wucewa ba. Na rubuta cewa ba za mu juya kyamara zuwa ƙofar gidan kowa ba, kuma duk wanda bai so ya fito ba ya faɗa wa mataimakiya, za a dakata ya wuce. Na kuma roƙi ya haɗa mu da mutum ɗaya daga wajensa da zai tsaya tare da mu, domin mutanen layi sun fi sakin jiki idan sun ga fuskar da suka sani a kusa da kyamara.

Mun cire batun ɗauka daga sama da jirgi marar matuƙi. Izinin tashinsa yana hannun hukumar da take kula da sararin samaniya, mai unguwa ba zai iya ba da shi ba, kuma kyamarar da take sama tana leƙa tsakar gidajen mutane ko ba a yi nufi ba. Hoton daƙiƙa 10 bai cancanci wannan ba. Haka kuma amincewar mai unguwa ba ta maye gurbin duk wata takardar da hukumar kula da finafinai take buƙata, wannan mataimakiya tana bin sa daban.

Litinin, 17 ga Maris

Dattijon ya sa hannu a kwafi biyu bayan na karanta masa sabon sakin layin, babban ɗansa ya sa hannu a matsayin shaida. Da izininsa mun kuma naɗi muryarsa a waya yana faɗin sunansa da kwanan wata da abin da ya amince da shi da bakinsa, domin ta haka ake gane ko mutum ya fahimci takardar da ya sa wa hannu. Ya faɗi kwana biyun, da intanet, da kwana 7, bai manta ko ɗaya ba.

Da ya ce ya amince har a madadin yaransa, sai na bayyana masa cewa takardarsa ta wuri ce da ta kansa, ba ta ɗauki fuskar wani ba. Biyu daga cikin masu koyon aikin manya ne, kowannensu zai sa hannu a tasa takardar. Na ukun shekararsa 15. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, kuma da wannan ma'auni muke aiki, don haka sai mahaifinsa ko mai riƙonsa ya amince a rubuce, shi ma yaron a tambaye shi shi kaɗai, ba a gaban maigidansa ba, domin a gabansa ba zai iya cewa a'a ba.

Daga nan ya raka ni wurin mai ginin. Tun da ba za mu taɓa gini ba, ba mu kafa ƙusa ba, ba mu shiga tsakar gida ba, sanarwa muka kai masa da kwafin wasiƙar, ya ce ba shi da matsala muddin kyamara ba ta kalli ƙofar gidansa ba. Na rubuta wannan sharaɗi a bayan kwafinmu.

Alhamis, 20 ga Maris

Mai unguwa ya karɓe mu, dattijon ne ya shige mana gaba. Ya sa aka karanta wasiƙar a gaban mutanen da suke zaune tare da shi, sannan ya yi tambaya uku: wa ya ba da kuɗin aikin, a ina za a nuna shi, kuma da wace fuska unguwar za ta fito. Amsar ta biyu tana cikin wasiƙa. Ta farko babu ita, kuma giɓi ne da ya kamata in gani tun farko, domin shugaban jama'a yana buƙatar ya san ko akwai wata ƙungiya, ko kamfani, ko ɗan siyasa a bayan aikin kafin ya sa sunansa. Na ce: "Ranka ya daɗe, daga aljihunmu muke yi, babu wanda ya aiko mu," na kuma yi alkawarin ƙara wannan a rubuce.

A kan ta uku, ya nemi kada mu ɗauki kwatar da ta toshe a bakin layin. Fim ɗinmu ba a kan magudanar ruwa yake ba, kuma hoton da muke so yana fuskantar ɗaya ɓangaren, saboda haka na amince. Sai dai na roƙi a rubuta sharaɗin da sunan wurin, wato kwatar da take kwanar layi, maimakon a ce "duk abin da zai ɓata sunan unguwa", domin wannan jimla ba ta da iyaka, kowa yana iya fassara ta yadda ya so bayan an gama aiki. Ya yarda da hakan. Ya ce a kawo wasiƙar da aka gyara ranar Litinin zai sa hannu da hatimi, ya kuma ambaci wanda zai tsaya tare da mu ranar ɗauka.

Asabar, 22 ga Maris

Na sake buga wasiƙar mai unguwa da ƙarin jimla biyu, ta tushen kuɗi da ta kwata, kwafi biyu suna cikin ambulan. Manyan masu koyon aikin biyu sun sa hannu jiya. Mahaifin ƙaramin yaron ya yi tafiya, ana sa ran dawowarsa a ƙarshen mako mai zuwa. Idan 4 ga Afrilu ta yi ba mu samu amincewarsa ba, mai ɗaukar hoto zai tsara wurin kafa kyamara ta yadda bencin yaron ba zai shiga hoto ba, mai ɗaukar sauti kuma zai kula kada muryarsa ta shiga naɗi, kuma ni zan je in yi wa yaron bayanin dalili da kaina kafin ranar ɗauka.